Ciwon Baya Na Farat Ɗaya A Jikin Tsohuwa: Yadda Za Ku Gane Burmawar Ƙashin Baya Da Abin Da Za Ku Yi

Macen da ta haura shekara sittin, in ciwon baya mai tsanani ya sare ta lokaci guda tana cikin wani ɗan aiki, ta sunkuya ta ɗauki bokitin ruwa ko ta yi atishawa mai ƙarfi ko babur ya faɗa rami da ita, ku ɗauka ƙashin bayanta ya karye har sai hoto ya nuna ba haka ba ne. Mutane suna jin nauyin yarda da wannan saboda ba su ga faɗuwa ba. Sai a ce sanyi ne, ko jijiya ce ta hau kan jijiya, a aika a kira mai tausa. Amma ƙashin da ya rarake ba ya jiran faɗuwa kafin ya karye, kuma tausar da ake gaggawar yi tana cikin abubuwan da ke ƙara ɓata shi.

Ƙashin baya jeri ne na gaɓoɓi, ɗaya bisa ɗaya: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji inda haƙarƙari ke maƙale, 5 a kwankwaso. Cikin kowace gaɓa saƙa ce ta siraran ƙashi, ita ke ɗaukar nauyin jiki. Bayan mace ta daina al'ada, sinadarin istirojin da ke kare wannan saƙa yana raguwa, jiki ya riƙa rushe ƙashi fiye da yadda yake gina shi. Likitoci suna kiran wannan ostiyoforosis. Kamar azarar da gara ta cinye ce: daga waje lafiya lau, sai ranar da aka ɗora mata ɗan nauyi ta burma. Gaban gaɓar ne ya fi lotsawa, bayanta ya tsaya yadda yake, shi ya sa kowace burmawa ke ƙara tanƙwara mace gaba har doro ya fito. Inda abin ya fi faruwa shi ne mahaɗar bayan ƙirji da kwankwaso, wato gaɓoɓin da za ku ga an rubuta T12 ko D12 da L1 a takardar hoto, sai kuma tsakiyar bayan ƙirji wajen T7 da T8.

Mataki na farko: ku kwantar da ita, ku duba ƙafafu da fitsari

Kada ku tsaya tambayar me ya jawo tukuna. Ku kwantar da ita rigingine a kan katifa mai ɗan tauri, ku sa matashi ƙarƙashin gwiwoyinta. In rigingine ya gagara, ta kwanta a gefe da matashi tsakanin gwiwoyi. Kada a ja ta ta hannuwa, kada a sunkuce ta ta hammata ƙafafu na reto. In dole a matsar da ita, mutum uku su haɗa hannu, ɗaya a kafaɗu, ɗaya a ƙugu, ɗaya a ƙafafu, a ɗaga ta a miƙe.

Daga nan sai binciken da ya fi kowane muhimmanci, kuma ba ya cin minti biyar. Laka, wato babbar jijiyar da ta sauko daga ƙwaƙwalwa, tana bi ta wani rami a bayan gaɓoɓin nan. Yawancin burmawar raunin ƙashi ba ta taɓa ta, amma in gutsuren ƙashi ya tura baya ya danne ta, sa'o'i ne ke raba mai tafiya da wadda za ta zauna a ƙasa. Ku ce mata, "Inna, ɗaga mini yatsun ƙafarki sama," ku riƙe da hannu ku ji ko ƙarfin dama da hagu ɗaya ne. Ta taka tafin hannunku kamar mai taka keken ɗinki. Ta lanƙwasa gwiwa ɗaya ta miƙar, sannan ɗayar. Ku shafa ƙwaurinta da cinyoyinta ku tambaye ta ko tana jin taɓawar daidai a ɓangarorin biyu.

Sauran tambayoyin sai mace ƴar'uwarta, ƴarta ko ƙanwarta, a keɓe, don tsohuwa ba za ta faɗa wa ɗanta namiji ko surukinta ba. Yaushe ta yi fitsari na ƙarshe? Tana jin fitsarin amma ya ƙi fita, mara ta cika? Ko yana zubo mata ba ta sani ba? Bayan gida fa? In ta yi tsarki, tana jin ruwan da hannunta a wurin, ko wurin ya mutu? Rashin ƙarfin ƙafa, mutuwar fata tsakanin cinyoyi, riƙewar fitsari ko kuɓucewarsa, ko ɗaya daga cikinsu aka samu, asibiti za a nufa a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne. A cikin garin Damagaram ku wuce kai tsaye sashen gaggawa na babban asibitin ƙasa. In kuna Mirya ko Matamai ko Magarya, ku je asibitin gunduma ku faɗi waɗannan alamomi da bakinku a fili domin a rubuta muku takardar turawa ba tare da ɓata lokaci ba.

Haka nan in ciwon ya zo da zufa mai sanyi da jiri da suma, ko ciwon ƙirji da ƙarancin numfashi, ko tana jin kamar ana yaga ta daga ciki kuma juyawa ba ta ƙara shi ba ta rage shi. Wannan yana iya zama zuciya ko babbar jijiyar jini, ba ƙashi ba, kuma shi ma ba a kwana da shi a gida.

Mataki na biyu: ku saurari irin ciwon

In ƙafafu lafiya, fitsari lafiya, to hankali ya ɗan kwanta, sai ku lura da halin ciwon. Ciwon burmawar ƙashi yana da ɗabi'ar da ba ta ɓuya. Tana iya gaya muku ainihin lokacin da ya fara da abin da take yi. In ta kwanta shiru yakan lafa sosai, wani lokaci har ta yi barci. Da ta yunƙura za ta juya ko za ta tashi zaune sai ta saki ƙara. Tsayuwa da zama suna tayar da shi, tari da atishawa ma haka. Yana tsakiyar baya, sau da yawa ya zagayo ta gefen ciki ko haƙarƙari ta ɓangarorin biyu, amma ba kasafai yake sauka har ƙasan gwiwa ba.

Ku juya ta a gefe a hankali, ku bi tsakiyar bayanta daga ƙasan wuya zuwa ƙugu kuna dannan ƙusoshin ƙashin da ɗan yatsa ɗaya bayan ɗaya, ba da ƙarfi ba. Galibi za ku isa wuri guda da za ta zabura. Ku riƙe wurin a ranku don likita. Wani abin da ke ruɗar mutane: burmawa a T12 ko L1 takan sa mace ta nuna ƙasan kwankwaso da hannu ta ce nan ke mata ciwo, alhali karayar tana sama da wurin da kusan tafin hannu guda. In aka bi nunin hannunta kaɗai aka ɗauki hoton ƙasa, sai a ce ba a ga komai ba.

Sai abin da ke ƙara nauyin zato. Ta taɓa karya wuyan hannu ko ƙugu daga faɗuwar da ba ta kai ta kawo ba? Mahaifiyarta ta karya ƙugu ko ta yi doro? Al'adarta ta ɗauke da wuri, kafin shekara 45? Ramammiya ce? Ta rage tsawo? In tsohon katinta na ɗan ƙasa yana ɗauke da tsawonta, ku gwada da na yanzu idan ta samu tsayuwa; raguwar santimita 4 ko fiye alama ce mai ƙarfi cewa wasu gaɓoɓin sun riga sun burma a baya. Wannan ba abin mamaki ba ne, don kusan biyu cikin uku na irin wannan karaya ba sa zuwa gaban likita, ana shan su ne a matsayin ciwon bayan tsufa.

Ku buɗe ledar magungunanta kuma. Wannan na fi so ku yi da idonku, kada ku tsaya ga tambaya. Ƙwayoyin ciwon gaɓoɓi da ake saye wurin masu yawo da magani a tire, ana ƙulla su kala-kala a leda babu suna, sau da yawa akwai dekzametazon ko firedinizolon a ciki. Suna kashe ciwon gwiwa nan take, shi ya sa tsofaffi ke yaba su, amma shansu na wata uku ko fiye yana cinye ƙashin baya da sauri. In ta daɗe a kansu kada ku tsayar mata da su rana ɗaya, don jikinta ya saba kuma yankewa kwatsam na iya jefa ta cikin haɗari. Ku kai wa likita ledar yadda take, shi zai tsara yadda za a janye.

A ƙasarmu akwai abu biyu da dole a kore kafin a ce raunin ƙashi ne kawai. Na farko tibin ƙashin baya, wanda shi ma yana burmar da gaɓa. Shi ciwonsa yakan fara a hankali cikin makonni ko watanni, da zazzaɓin yamma da zufar dare da rama, wani lokaci da tari ko wani mai tarin a gidan, kuma kwanciya ba ta sauƙaƙa shi. Na biyu ciwon daji, ko wanda ya taso daga nono ko wani wuri ya sauka a ƙashi, ko na ɓargo. Ciwon da ya fi tsanani da dare, ya hana barci ko tana kwance shiru, tare da rama da rashin jini, yana nuna wannan hanya. A tambaye ta, a keɓe, ko akwai ƙullutu ko gyambo a nononta. Mata da yawa suna ɓoye shi shekara da shekaru. Zazzaɓi da zafin fitsari da ciwo a gefe ɗaya kuwa ya fi kama da ƙoda.

Mataki na uku: maganin ciwo na daren farko, da abin da ba a yi

Farasitamol ne farkon abin da za a ba ta. Ƙwayar da aka saba da ita miligiram 500 ce. Tsohuwar da ta kai kilo 50 za ta iya shan biyu sau uku a yini, sa'a 8 tsakani, kada ta wuce giram 3 a kwana ɗaya. Wadda ba ta kai kilo 50 ba, ko mai ciwon hanta, ƙwaya ɗaya duk sa'a 6. A ba ta a kan lokaci, ba sai ciwo ya taso ba, kuma a duba kada wani maganin mura da take sha ya ƙunshi farasitamol a ninka mata ba a sani ba.

Diklofenak da ibufurofen suna rage ciwo, amma ga tsohuwa suna iya fasa gyambon ciki, su tayar da hawan jini, su taɓa ƙoda, balle a watannin zafi na Afrilu da Mayu da jiki ke rasa ruwa. Kada a ba ta sai likita ya ga ƙodarta da cikinta za su ɗauka, kuma na ƴan kwanaki. Tiramol na kasuwa kada ya shigo gidan. In likita ya ga farasitamol bai isa ba zai iya rubuta shi ko wani mai ƙarfi a ƙaramin awo, amma ku sani yana kawo jiri da ruɗewa da taurin bayan gida, kuma jiri ga mai raunin ƙashi hanyar karyewar ƙugu ce.

Ba a tausa. Ba a sa jika ya taka mata baya. Ba a ja ta don a "mayar da jijiya". Maɗoranmu sun san hannu da ƙafa, amma wannan karaya ba ta da bakin da za a haɗa a ɗaure da kara, ƙashi ne ya danne a cikin kansa, kuma ja ko murɗawa na iya ƙara burmar da shi ko ya karya haƙarƙari. Ƙaho da tsaga ba sa isa ga ƙashi, ciwon fata kawai za su ƙara mata a wurin da za ta kwanta a kai. Tsumma mai ɗumi a kan naman da ya ɗaure gefen wurin ba laifi.

Mataki na huɗu: asibiti da hoto

Ko babu alamar gaggawa, a kai ta cikin kwana ɗaya ko biyu. Ba a kan kabu-kabu ba. A samu mota a kwantar da kujerar gaba ko a shimfiɗa ta a baya, a ba ta farasitamol kamar minti 40 kafin tashi, a ce wa direba ya bi ramuka a sannu.

Ku gaya wa likita ko majo abu huɗu a jere: lokacin da ciwon ya fara da abin da take yi, cewa kwanciya na rage shi tashi na ƙara shi, wurin da ta zabura da kuka danna, da magungunan da take sha. Hoton da ake buƙata shi ne radiyon bayan ƙirji da na kwankwaso, na gaba da na gefe. Na gefen ne ke nuna burmawa, kuma ya kamata mahaɗar T12 da L1 ta fito sosai a ciki. Mai karanta hoto yana gwada tsawon gaban gaɓar da na bayanta ko da na maƙwabtanta. Raguwar kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ƙarama ce, 25 zuwa 40 matsakaiciya, sama da 40 babba.

Radiyo yana da iyaka biyu da ya kamata ku sani. A kwanakin farko gaɓar na iya zama ta tsage amma ba ta lotsa ba tukuna, hoto ya fito kamar lafiya. In ciwon bai sauka ba a sake ɗauka bayan mako biyu. Kuma radiyo ba ya bambanta sabuwar karaya da tsohuwa da tabbaci. Sikana, wato hoton da ke fito da ƙashi yanka-yanka, tana nuna ko bangon baya na gaɓar ya fashe ya tura wajen laka, IRM kuwa, hoton da ake ɗauka da maganaɗisu, shi ke nuna sabuwar karaya da halin laka da alamun tibi ko daji. Ba kowace mace ke buƙatarsu ba. Ana neman su in akwai alamar jijiya, ko karayar tana can sama da T4, ko hoton ya nuna ƙashin kamar an ci shi, ko faifan da ke tsakanin gaɓoɓi biyu ya lalace tare da su, wanda ya fi kama da tibi.

Kada ku yi ƙyashin kuɗin awon jini ku ce ai hoto ya riga ya nuna. Awon yawan jini, awon kumburin jiki da ake rubutawa VS ko CRP, kalsiyom da aikin ƙoda, su ne ke tona dajin ɓargo ko ciwon da ke ɓoye, kuma sai da sakamakon ƙoda da kalsiyom za a iya fara maganin ƙashi. In akwai tari ko rama, a auna majina.

Ga misali yadda abin ke kasancewa. Mu ɗauki wata Hajiya a unguwar Birni, shekararta 68, nauyinta kilo 47. Da hantsi ta sunkuya ta ɗaga tukunyar dambu daga murhu, sai ta ji abu ya sare ta a tsakiyar baya, ta durƙusa a wurin. An kwantar da ita, ciwo ya lafa. Ƴarta ta gwada ƙafafu, ƙarfi ɗaya. Ta yi fitsari bayan azahar ba matsala. Babu zazzaɓi, babu rama ta kwanan nan. Tana nuna ƙugu, amma da aka danna sai ta zabura a daidai ƙarshen haƙarƙari. A ledarta an samu ƙananan fararen ƙwayoyin ciwon gwiwa da ta fi shekara tana sha. An ba ta farasitamol ɗaya duk sa'a 6 saboda nauyinta, washegari aka kai ta a kwance. Hoton gefe ya nuna gaban L1 milimita 18, bayanta 27, wato ta rasa 9 cikin 27, kashi ɗaya cikin uku, burmawa matsakaiciya. An kuma ga wata tsohuwa a T8 da ba wanda ya san da ita, abin da ya bayyana me ya sa katinta ke cewa santimita 160 alhali yanzu 154 take. Awon jini bai nuna kumburi ba, ƙoda lafiya. Irin wannan ba ta buƙatar tiyata ko kwanciya a asibiti. Gida za ta koma, kuma a nan ne aikin iyali ke farawa.

Mataki na biyar: makonni shida na farko a gida

Kuskuren da ƴaƴa masu tausayi suka fi yi shi ne su kwantar da uwa wata guda suna kawo mata komai har bakin gado. Kwana biyu zuwa uku na kwanciya sun isa. Bayan haka kowane mako a kwance yana ƙara cinye ƙashi da naman jiki, ya kawo gyambon kwanciya da ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa. Ta fara da zama na ƴan mintuna a bakin gado, sai tsayuwa da mai riƙe ta, sai taku daga ɗaki zuwa tsakar gida sau uku ko huɗu a yini, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. A daidaita tashin da lokacin da magani ya kama jikinta. Gajeren yawo sau da yawa ya fi dogon zama, don zama ma yana ɗora nauyi a gaban gaɓar.

Yadda take tashi shi ne rabin jinyar. Ta lanƙwasa gwiwoyi, ta mirgina gefe kafaɗa da ƙugu tare ba tare da murɗa baya ba, ta sauke ƙafafu daga gadon, ta tura jikinta sama da gwiwar hannu da tafin ɗayan hannun. Kwanciya kuma a bi hanyar a juye. Wannan ba ya yiwuwa daga tabarma a ƙasa, saboda haka in a ƙasa take kwana a samo mata gado mai tsawon da in ta zauna tafin ƙafarta zai taɓa ƙasa. Gadon igiya da ya saki a ɗora masa katako ƙarƙashin katifa.

Ƙa'idar ita ce kada baya ya tanƙwara gaba, kada ya murɗe, kada ta ɗauki abin da ya fi butar alwala nauyi. Ku bi yininta ku ga inda take sunkuyo: shara da gajeriyar tsintsiya, wanki, daka, tuƙin tuwo, goyon jika, kujerar tsugunno. Duk a ɗauke mata. Masai na tsugunno a ɗora masa kujerar da aka huda, ko a sa bokiti ƙarƙashinta a ɗaki. Alwala ta yi a zaune a kujera mai tsawo, wani ya zuba mata ruwan ƙafa. Salla ita ce inda za ku sha gardama, don tsohuwar da ta shekara hamsin tana kai goshinta ƙasa ba ta son a ce ta bari. Ruku'u da sujada su ne ainihin lanƙwasar da ke danne gaɓar. Shari'a ta yarda wanda ba ya iya tsayuwa ya yi a zaune, wanda ba ya iya zama ya yi a kwance da ishara, kuma in maganarku ba ta shige ta ba ku roƙi malamin da take jin maganarsa ya faɗa mata. Tsofaffinmu sun fi karɓar irin wannan daga bakin malam a kan bakin likita, ba kuma abin faɗa ba ne, a yi amfani da shi.

Ku kula da bayan gida tun ranar farko. Kwanciya da maganin ciwo suna ɗaure ciki, yunƙuri kuma yana tayar da ciwon. Ruwa da yawa, miyar kuka ko kuɓewa, kwaɗon zogale, gwanda in akwai. In kwana uku suka wuce shiru a nemi maganin sassauta ciki. In likita ya rubuta korse, wato ɗamarar tallafar baya, ta sa shi lokacin tashi da tafiya kawai, na ƴan makonni, don daɗewa da shi yana kashe naman baya.

Ciwon mai tsanani yakan fara sauka cikin mako 2 zuwa 4, yawancin mata sun samu sauƙi sosai a mako 6, ƙashin kuma ya haɗe cikin wata uku. Tsawon da gaɓar ta rasa ba ya dawowa. Ku koma asibiti nan da nan in ƙafa ta fara rasa ƙarfi ko fitsari ya canza, in zazzaɓi ya shigo, in wani sabon ciwo ya sare ta a wani wurin, ko in mako 6 ya cika ba ta iya tashi ba. Akwai aikin da ake cusa siminti na likita cikin gaɓar da allura, amma ba da shi ake farawa ba, binciken da aka yi a kansa bai nuna yana amfanar kowa ba, ana tunaninsa ne ga wadda ciwo ya ƙi sauka duk da magani.

Mataki na shida: maganin ƙashin kansa

Nan ne aka fi sakaci, don da ciwo ya tafi sai kowa ya ce alhamdu lillahi a rufe zancen. Kusan mace ɗaya cikin biyar da gaɓarta ta burma takan sake samun wata cikin shekara guda in ba a yi wa ƙashin magani ba. Na'urar auna ƙarfin ƙashi tana da amfani inda take, amma macen da gaɓarta ta burma daga ɗaga tukunya ba ta buƙatar jiran ta, karayar ita ce shaida. Ku tambayi likita kai tsaye: wane magani za ta sha don kada wata ta karye?

Wanda aka fi rubutawa shi ne alendironat, miligiram 70 sau ɗaya a mako, kuma yana rage sabuwar burmawa da kusan rabi. Shansa yana da ƙa'ida mai tsauri. Da safe kafin ta ci komai, da cikakken kofi na ruwa zalla, ba koko ba, ba shayi ba, ba nono ba, sannan ta zauna a miƙe ko ta tsaya minti 30 ba ta kwanta ba, ba ta ci ba. In ta kwanta ƙwayar na ƙona maƙoshi, in ta haɗa da abinci ba ya shiga jiki. Saboda haka ba a fara shi sai ta iya zama rabin sa'a. Ku zaɓi rana ɗaya da ba za a manta ba, Juma'a bayan asuba misali, wani a gidan ya ɗauki nauyin tunawa. Ba ya dacewa da mai raunin ƙoda sosai, ko mai wahalar haɗiya, ko wadda kalsiyom ɗin jininta ya yi ƙasa, kuma in tana da ruɓaɓɓen haƙorin da za a cire, gara a cire kafin a fara. Wadda ba ta iya shan ƙwayar akwai zoledironat, miligiram 5 ta ƙarin ruwa sau ɗaya a shekara. Ana shan alendironat shekara 3 zuwa 5 sannan likita ya sake dubawa, ba magani ne na wata ɗaya ba, sai a lissafa kuɗinsa cikin cefanen gida tun farko.

Maganin ba ya aiki in babu abin gini. Tana buƙatar kalsiyom wajen miligiram 1000 zuwa 1200 a yini, da bitamin D wajen awo 800 na ma'aunin da ake rubutawa UI. Kofin nono ko kindirmo na kwata lita yana ba da kusan miligiram 300, don haka fura da nono na gaske, ba wadda aka tsinka da ruwa ba, tana da babban rabo a nan. Cuku, zogale, kuka, riɗi da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu suna ƙarawa. Abin da abinci bai cika ba likita ya cike da ƙwaya, amma kada a sha ta da safiyar alendironat, a bari sai da rana. Rana kuwa, duk da yadda take dukan Damagaram, tsohuwar da ke yini a ɗaki a lulluɓe tana iya rasa bitamin D. Ta riƙa zama a tsakar gida da hantsi kamar minti 15 zuwa 20, hannuwa da ƙwauri a buɗe.

Bayan ciwo ya sauka, a nemi mai gyaran motsin jiki na asibiti ya koya mata atisayen miƙar da baya da ƙarfafa ƙafafu, ba na sunkuyo ba. A gida kuma a gyara hanyar da take bi da dare zuwa bayi: fitila a hannunta, a kawar da igiyar akuya da turmi daga hanya, a zuba yashi ko a gyara inda ruwan wanka ke sa santsi, silifas ɗin da ya sule a canza shi, in idonta ya yi yana a kai ta a duba. Hajiyar misalinmu za ta fara alendironat a mako na uku da ta iya zama, a janye mata ƙwayoyin gwiwa a hankali bisa tsarin likita, a kuma auna tsawonta a jikin bango ɗaya duk wata shida. In ta sake raguwa da santimita 2, a koma a ɗauki sabon hoto ko da ba ta ce komai na mata ciwo ba.